Yadda Ake Gyara Sunayen Waƙoƙi da Hotunansu a Waya da Kwamfuta

Sau da yawa mutum yakan je wurin masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa a cika masa memori, ko kuwa wani aboki ya turo masa tsofaffin waƙoƙi ta waya, amma in ya buɗe na'urarsa sai ya tarar da rikici. Wata waƙar ba ta da suna sai `Track 01`. Wata an rubuta mata `Unknown artist` a inda sunan mawaƙi ya kamata ya fito. Wata kuwa muryar Mamman Shata ce, amma hoton da ke jikinta tallar wani shafin intanet ne. Mai waƙoƙi goma yana iya haƙuri da wannan. Mai waƙoƙi dubu biyu kuwa, ko ɗalibin da ke tara waƙoƙin baka domin nazari, ya shiga uku, domin waƙar da ba a iya nemo ta da sunanta ba ta da maraba da wadda ta ɓata.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su sake wa fayil ɗin suna. Sai su ga abin mamaki: sunan ya sake a cikin folda, amma manhajar sauraren waƙoƙi tana nan tana nuna tsohon sunan. Dalili kuwa shi ne kowace waƙa suna biyu gare ta. Duk wanda ya yi aiki a rajista ya san bambancin abin da aka rubuta a bangon fayil da abin da ke cikin takardun da aka jera a ciki. Sunan fayil shi ne rubutun bango. A cikin fayil ɗin kansa kuma akwai wata 'yar takardar shaida, wadda masana ke kira tag, mai ɗauke da sunan waƙa, da na mawaƙi, da na kundin da ta fito, da shekara, da lambarta a jeri, har da hoto. Manhajar saurare takardar cikin nan take karantawa. Sai in ta tarar babu kome a ciki ne take komawa ga rubutun bango.

Asalin takardar

A waƙoƙin MP3, waɗanda su suka fi yawa a hannun jama'a, wannan takarda sunanta ID3. Lokacin da aka fito da MP3 ba a tanadi wurin rubuta suna ba sam. A shekarar 1996 ne wani mai suna Eric Kemp ya kawo dabarar liƙa wani ɗan guntun bayani mai girman bayit 128 a ƙarshen fayil. Wannan shi ne ID3v1. A cikinsa an ba sunan waƙa gurbin haruffa 30, sunan mawaƙi 30, sunan kundi 30, shekara 4, sharhi 30, sai bayit ɗaya tak na lambar nau'in kiɗa daga wani jeri da aka ƙayyade, wanda babu kiɗan kalangu ko na kotso a cikinsa. Hoto kuwa babu gurbinsa ko kaɗan.

Haruffa 30 sun yi wa sunayen Hausa kaɗan, musamman da yake ba a cika kiran manya babu laƙabi ba. In aka rubuta Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina, haruffan da tazarar da ke tsakaninsu sun kai 33, saboda haka abin da zai fito shi ne "Alhaji Dakta Mamman Shata Kats". Duk wanda ya ga suna ya gutsure haka a fuskar rediyon mota, to, mai yiwuwa tsohuwar takardar ake karanta masa.

A shekarar 1998 aka fito da sabon tsari, ID3v2, wanda ake ajiyewa a farkon fayil, kuma bai ƙayyade tsawon suna irin na da ba. Samfurinsa biyu ne suka bazu: ID3v2.3 na 1999 da ID3v2.4 na 2000. A wannan tsari kowane bayani da gurbinsa mai suna na haruffa huɗu. Sunan waƙa yana cikin `TIT2`, mawaƙi `TPE1`, kundi `TALB`, lambar jeri `TRCK`, hoto kuma `APIC`. Fayil ɗaya yana iya ɗaukar tsohuwar takarda a ƙarshensa da sabuwa a farkonsa, kuma babu abin da ya tilasta musu su yi magana ɗaya. Shi ya sa waƙa guda takan nuna suna kaza a waya, ta nuna wani dabam a mota. Sauran nau'o'in fayil, irin su M4A da FLAC, kowanne da tasa hanyar ajiye bayani, amma manhajojin gyara sukan nuna su duka da fuska ɗaya, don haka aikin bai bambanta ba ga mai yin sa.

Misali guda daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani malamin makaranta ya tara waƙoƙi 40 a folda ɗaya: 20 na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da 12 na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da 8 na Ibrahim Narambaɗa. Da ya buɗe jerin mawaƙa a wayarsa sai ya ga mutum tara maimakon uku. Shata kaɗai ya rabu gida huɗu: Shata, Mamman Shata, Dr Mamman Shata, da Alh. Mamman Shata Katsina. Na'ura ba ta san waɗannan mutum ɗaya ba ne, domin haruffa take gwadawa. Ko tazara guda da ta maƙale a ƙarshen suna, wadda ido ba ya gani, ta isa ta mai da mawaƙi ɗaya biyu.

Abu na farko da zai yi, kafin ya taɓa kome, shi ne ya kwafi foldar gaba ɗaya ya ajiye a wani wuri. Gyaran takarda ba ya taɓa sautin waƙa, ba ya kuma rage ingancinsa ko sau nawa aka yi. Amma in sabon bayanin ya fi gurbin da ke farkon fayil girma, kamar in an ƙara hoto, dole manhaja ta sake rubuta fayil ɗin dungurungum. In aka zare memori ko wuta ta ɗauke a daidai wannan lokaci, waƙar na iya lalacewa. Saboda haka ya fi kyau a kwafo waƙoƙin cikin kwamfuta a yi aikin a can, a mayar da su bayan an gama.

Manhajojin wannan aiki suna da dama. Akwai Mp3tag, wadda kyauta ce a kan Windows, akwai Kid3, akwai kuma MusicBrainz Picard. Ita ta ƙarshen tana iya sauraren sautin waƙa ta nemo sunanta a wani babban rumbun bayanai na intanet, abin da ke da amfani ƙwarai ga waƙoƙin da kamfanoni suka buga. Ga waƙoƙin da aka kwaso daga tsohon kaset ko daga rediyo kuwa, sau da yawa ba za ta same su ba, wani lokaci ma ta kawo sunan da ba nasu ba. Malamin nan aikin hannu ne ya kama shi, don haka Mp3tag ta fi dacewa da shi.

In ya ja foldar ya saka a cikinta, waƙoƙin za su jeru a dama, guraben rubutu kuma a hagu. Akwai wani layi mai suna `Tag` da ke nuna irin takardar da kowane fayil ke ɗauke da ita, ko tsohuwa ce, ko sabuwa, ko duka biyun. Sai ya zaɓi waƙoƙin Shata guda 20 a lokaci ɗaya, ya rubuta Mamman Shata a gurbin `Artist`, ya adana. A nan ne fa ake yin babbar ɓarna. In an zaɓi waƙoƙi da yawa, duk gurbin da abin cikinsa ya bambanta daga waƙa zuwa waƙa yakan nuna kalmar `<keep>`, watau a bar wa kowace nata. Wanda ya goge wannan kalma daga gurbin `Title` ya rubuta wani abu, ko ya mai da ita `<blank>`, to, ya ba waƙoƙi ashirin suna ɗaya ko ya shafe sunayensu baki ɗaya. Akwai hanyar janye gyara muddin ba a rufe manhajar ba, amma in an rufe sai dai a koma ga kwafin da aka ajiye.

Game da wane suna za a zaɓa, ƙa'idar ita ce a tsaya a kan ɗaya, kuma gajere ya fi. In aka fara kowane suna da Alhaji, rabin mawaƙan rumbun za su taru a ƙarƙashin harafin A, neman mutum ya zama aiki. Girmamawa ba ta ragu ba don an ajiye laƙabi a gurbin sharhi, inda akwai fili isasshe.

Sunayen waƙoƙin kuma fa? In masu turawa sun riga sun rubuta sunayen fayil a tsare, alal misali `Mamman Shata - Bakandamiya.mp3`, babu buƙatar sake bugawa ɗaya bayan ɗaya. A cikin `Convert` akwai umarnin `Filename - Tag`, inda ake rubuta tsarin sunan kamar haka:

```
%artist% - %title%
```

Manhajar za ta ɗauki abin da ke gaban karan ta zuba a gurbin mawaƙi, abin da ke bayansa kuma a gurbin sunan waƙa. Tana nuna yadda sakamakon zai kasance kafin a amince, kuma wajibi ne a duba, domin fayil ɗin da aka rubuta sunansa a juye zai mai da waƙa mawaƙi, mawaƙi waƙa. Waɗanda suka zo ta WhatsApp da suna irin `AUD-20240312-WA0007.mp3` ba su da abin da za a ɗauka. Waɗannan sai an saurare su da kunne.

Sauraren nan shi ne ainihin aikin, kuma babu manhajar da za ta ɗauke wa mutum shi. Shata yana da waƙa mai suna Bakandamiya, Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar. Wanda ya ga sunan kawai ya cika gurbin mawaƙi da ka, yana iya ba wani haƙƙin wani. Kuskuren kuwa ba ya tsayawa a wayarsa, domin takardar tana tafiya tare da fayil duk inda aka tura shi. Mutum ɗaya ya rubuta ba daidai ba, mutum ɗari su karɓa, har wata rana ɗalibi ya kafa hujja da shi a cikin kundin digirinsa. Haka batun shekara yake. Shekarar da aka juye kaset zuwa kwamfuta ba ita ce shekarar da aka yi waƙar ba. In babu tabbaci, barin gurbin babu kome ya fi cika shi da ƙiyasi.

Matsalar haruffa masu ƙugiya

Da malamin ya zo kan Ɗanƙwairo da Narambaɗa zai haɗu da abin da mai gyaran waƙoƙin Turanci bai san da shi ba. Kwamfuta lambobi take ajiyewa a madadin haruffa, kuma tsare-tsaren ba wa haruffa lamba sun bambanta. Tsohon tsarin da ID3 ya fara da shi, mai suna ISO-8859-1, an yi shi ne domin harsunan Yammacin Turai. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsa. Tsarin da ya ƙunshe su shi ne Unicode, wanda ID3v2.3 ke rubutawa ta hanyar UTF-16, shi kuma ID3v2.4 ya ƙara da UTF-8.

Lalacewar suna iri uku ce, kuma kowace da alamarta. In aka ga `?an?wairo`, an adana sunan ne da tsarin da bai san haruffan ba, ya musanya su da alamar tambaya. Haruffan sun tafi ke nan, sai an sake bugawa. In kuwa aka ga `ÆŠanÆ™wairo`, bayanin yana nan lafiya, karatun ne ya karkace: an rubuta da UTF-8, inda kowane harafi mai ƙugiya ke cin bayit biyu, sai mai karantawa ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Na uku shi ne a ga ɗan akwati babu kome a ciki a madadin harafin. Wannan ba laifin fayil ba ne. Na'urar ce ba ta da zanen harafin, kuma duk gyaran da za a yi wa takardar ba zai sa ta nuna shi ba.

Maganin na farko da na biyu ɗaya ne. A shiga `Options`, a buɗe `Tags`, sannan `Mpeg`, a zaɓi a riƙa rubutawa da `ID3v2.3 UTF-16`, sannan a sake buga sunan a adana. Mai karatu na iya tambaya, me ya sa ba za a zaɓi ID3v2.4 ba, tun da shi ne sabo? Amsar ita ce na'urori da yawa ba su taɓa koyon karanta shi ba. Windows 7, alal misali, ba ta nuna bayanin da aka rubuta da shi, haka kuma rediyoyin mota da dama. Na 1999 ɗin shi ne kusan kowa ya sani.

Saura tsohuwar takardar ƙarshen fayil. Ita ba ta iya ɗaukar haruffa masu ƙugiya ta hanyar da kowa zai karanta daidai, don haka muddin tana nan akwai na'urar da za ta nuna alamar tambaya. A wurin nan na `Mpeg` ana iya hana rubuta ta, a kuma sa a cire ta. Amma wanda rediyon motarsa ita kaɗai ya iya karantawa zai rasa sunaye gaba ɗaya in ya cire. Hanyar da ta fi ita ce a riƙe babban rumbu da rubutun Hausa na ƙa'ida, sannan a yi wa mota kwafi dabam da aka rubuta Dankwairo da haruffa marasa ƙugiya. Bai kamata a gurgunta rubutun asali saboda gazawar rediyo ɗaya ba.

Kundi da hotonsa

Yawancin manhajojin saurare ba sa ɗaukar hoto a matsayin na waƙa ɗaya. Suna tara waƙoƙi a ƙarƙashin kundi, su ɗauki hoto guda su liƙa wa duka. To, shafukan da ake sauko da waƙoƙi daga cikinsu sukan rubuta sunansu a gurbin `Album`, su kuma saka tambarinsu a gurbin hoto. Sakamakon haka waƙoƙin mawaƙa goma sai su zama kundi ɗaya a idon waya, hoton da ta fara cin karo da shi ya hau kan kowa. Wanda ya sake hoto bai gyara sunan kundi ba, aikin banza ya yi.

Tsofaffin waƙoƙin Hausa da yawa ba su fito a kundi mai suna ba, saboda haka malamin zai raɗa musu da kansa: Waƙoƙin Mamman Shata, Waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo, Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa. Kada ya sa wa duka ukun suna ɗaya kamar Tsofaffin Waƙoƙi, don kada su sake cakuɗewa. Akwai kuma gurbin `Album Artist`, wanda a cikin fayil ake kira `TPE2`. Amfaninsa yana fitowa ne in kundi ɗaya ya ƙunshi mawaƙa dabam-dabam, kamar waƙoƙin fim, inda wannan waƙa mutum biyu suka yi ta, waccan mutum ɗaya. In aka bar gurbin babu kome, wasu manhajoji sukan tsinka kundin gida-gida bisa yawan mawaƙan. In aka rubuta suna ɗaya a cikinsa ga dukan waƙoƙin, sai kundin ya haɗu, kowace waƙa kuma ta ci gaba da nuna mai ita.

Saka hoton kansa ba shi da wuya. A zaɓi waƙoƙin kundi ɗaya, a danna ɓangaren dama na linzami a kan akwatin hoto da ke ƙasan gurabe, a zaɓi `Remove cover` a adana domin fitar da tallar da ke ciki, sannan `Add cover` a kawo sabon. Cirewar tana da muhimmanci, domin fayil ɗaya yana iya ɗaukar hotuna da yawa, kuma tsarin ID3v2 ya ware musu nau'i 21. Wanda ake so shi ne na lamba 3, watau bangon gaba, `Front Cover`. In aka bar tsohon hoto a ciki tare da sabo, wata na'urar tsohon za ta ɗauko.

Girman hoton shi ne abin lura. Hoton bangon kaset da aka ɗauka da kyamarar waya yana iya kai megabayit 4. Da yake kowace waƙa tana ɗaukar nata kwafin, waƙoƙi 40 za su ci megabayit 160 a kan hoto kaɗai, alhali waƙar minti goma a matsakaicin inganci ba ta kai megabayit 10 ba. In aka yanke hoton ya zama murabba'i, ɗigo 600 a tsaye 600 a kwance, aka adana shi a matsayin JPEG, zai dawo kimanin kilobayit 100, duka arba'in ɗin su tashi a megabayit 4. Ƙananan na'urori ma sun fi iya buɗe irin wannan. In hoto ya ƙi fitowa a mota alhali yana fitowa a waya, abubuwa biyu ake fara zargi: ko ya yi girma, ko an adana shi da salon `progressive`, wanda wasu rediyoyi ba sa ganewa. Sai a sake adana shi da salon `baseline`. Wasu manhajoji kuma sukan duba cikin folda su ɗauki duk hoton da ake kira `folder.jpg` ko `cover.jpg`, don haka in wani baƙon hoto ya nace da fitowa, a leƙa foldar a ga ko yana ɓoye a can.

Bayan an gama, sai a daidaita bango da ciki. Umarnin `Tag - Filename` yana yin kishiyar na farko, watau ya sake wa fayil suna daga abin da ke cikin takardarsa:

```
$num(%track%,2) - %artist% - %title%
```

Wannan zai ba da suna irin `03 - Mamman Shata - Bakandamiya.mp3`. Sifirin da ke gaban lambar yana hana na'urorin da ke jera suna harafi bayan harafi su kawo 10 da 11 kafin 2.

Daga nan malamin zai mayar da waƙoƙin cikin waya, kuma mai yiwuwa ne ya buɗe ya tarar da tsofaffin sunaye da tsohon hoto suna nan daram. Wannan ba ya nufin gyaran bai kama ba. Waya ba ta karanta kowane fayil duk lokacin da aka buɗe manhaja. Tana da nata littafin rajista da ta rubuta tun ranar da ta fara ganin waƙoƙin, daga ciki take karantowa. Hanyar tabbatarwa ita ce a sake buɗe fayil ɗin a Mp3tag: in sabon suna yana nan, laifin na rajistar waya ne. Sai a nemi umarnin sake binciken waƙoƙi a cikin manhajar saurare, ko a share ma'ajiyarta ta wucin gadi, ko a kashe wayar a kunna. In duk wannan bai yi ba, a fitar da foldar daga wayar, a buɗe manhajar ta ga babu kome, sannan a mayar da foldar da sabon suna. A lokacin ne jerin mawaƙan nan tara zai koma uku, kowanne da kundinsa da hotonsa.